Daga ɗora kati zuwa APPROVED: abin da ke faruwa a 'yan daƙiƙun nan

Ka shiga kantin magani a Kano, kuɗinka ya kama naira 4,500. Kashiya ta danna kuɗin a na'urar POS ta miƙo maka. Ba ka zura katin ba, ɗora shi kawai ka yi a kan alamar nan mai lanƙwasassun layuka huɗu. Na'ura ta yi ƙara sau ɗaya, ka mayar da kati aljihu, ka kai hannu za ka ɗauki leda, sai ta ce, "Malam, ɗan dakata, bai fito ba tukuna." Kai kuma a ranka ka ce ai ta yi ƙara.

Ita ce da gaskiya. Ƙarar da ka ji ba ta nufin an biya, tana nufin na'ura ta gama magana da katinka ne kurum. Aikin kashi biyu ne. Kashi na farko tsakanin kati da na'ura yake, kuma a kan gama shi cikin kimanin rabin daƙiƙa. Kashi na biyu tafiya ce: saƙo ya bar kantin, ya je bankinka, ya dawo da amsa. Kusan duk jiran da kake yi a gaban kanta, na wannan tafiyar ne. Wanda ya iya bambanta kashin nan biyu, idan ciniki ya lalace zai san a ina ya lalace, ya kuma san ko akwai fargabar an cire masa kuɗi ko babu.

Na farko: na'ura ce ke ba katin wuta

Katin ba shi da batir. Abin da ke cikinsa ɗan ƙaramin cif ne, da siririyar waya da aka nannaɗe a cikin robar, galibi tana zagaye gefen katin. Da zarar kashiya ta danna kuɗi, na'ura za ta kunna maganaɗisu a kewayen wurin ɗora kati, mai kaɗawa sau miliyan 13.56 a daƙiƙa. Idan katin ya shiga wannan kewaye, wayar nan sai ta tsotsi wuta daga ciki ta tayar da cif ɗin. Amsar da katin ke mayarwa ma da wannan wutar aro yake yin ta: yana ƙara ko rage yawan wutar da yake ja, na'ura kuma tana jin canjin tana karanta shi a matsayin saƙo.

Wannan ne ya sa tazarar ba ta da yawa, santimita 4 ko ƙasa da haka. Shi ne kuma ya sa idan ka wuce da katin fiu kamar mai korar ƙuda ba ya yi, domin ka ɗauke masa wuta yana tsakiyar magana. Ɗora shi ka riƙe har sai ta yi ƙara. Idan kuma walat ɗin gaba ɗaya ka ɗora, da kati biyu ko uku a ciki, dukkansu za su farka su amsa a lokaci guda. Ƙa'ida ba ta yarda na'ura ta zaɓar maka ba, sai ta ce ka kawo kati ɗaya. Wani abin da kan faru shi ne katin da aka daɗe ana zaunewa a aljihun baya ya lanƙwashe har wayar ta tsinke daga ciki. Alamarsa a fili take: in ka zura shi yana aiki, in ka ɗora shi kuwa shiru a kowace na'ura. Wannan ba gyara, sai sabon kati.

Na biyu: gaisuwa da tambayar asali

Da katin ya farka, tambayar farko da na'ura ke yi masa ita ce wane tsarin biya ne a cikinsa. Duk katin banki na ɗorawa irin wannan yana da wani ɗan kundi mai suna ɗaya, `2PAY.SYS.DDF01`, kuma umarnin buɗe shi ke nan kamar yadda yake fita daga na'ura:

```
00 A4 04 00 0E 325041592E5359532E4444463031 00
```

Dogayen lambobin tsakiyar nan sunan kundin ne aka rubuta da lambobi. Katin sai ya amsa da lambar tsarinsa. Ta Visa ita ce `A0000000031010`, ta Mastercard kuma `A0000000041010`, haka Verve da sauransu kowanne da tasa. Na'ura ta duba jerin waɗanda ta sani, idan ta sami wadda ta dace sai ta ɗauko dokokin wannan tsarin ta ci gaba da su. Idan ba ta samu ba, maganar ta tsaya nan, allo ya ce ka zura kati ko ka kawo wani. Ka lura, har yanzu ba a taɓa banki ba, sabis bai shigo cikin maganar ba.

Na uku: hatimin da ba a bugawa sau biyu

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ya kamata a ɗan zauna.

Na'ura za ta miƙa wa katin bayanin cinikin. Ga kaɗan daga abin da take ba shi a cinikinmu na naira 4,500, kowane bayani da lambar da ake kiransa da ita:

```
9F02  000000450000   adadin kuɗi
5F2A  0566           nau'in kuɗi
9A    250314         kwanan wata
9F37  7C1E90A3       lambar ba-zata
```

Kuɗin da kwabo ake rubuta shi, shi ya sa 4,500 ta zama 450000, aka cike gaba da sifili har lambobi goma sha biyu. 566 ita ce lambar naira a tsarin kuɗaɗen duniya, da a Maraɗi ne da 952 za a gani, ta sefa. Kwanan watan a misalin nan 14 ga Maris, 2025 ne. Ta ƙarshen kuwa lamba ce da na'ura ta ƙirƙiro a wannan lokacin, babu wanda zai iya hasashenta, kuma ciniki na gaba wata daban za ta fitar.

Katin shi ma yana da abu biyu nasa. Na farko ma'ƙidayi ne da ke ƙaruwa da ɗaya duk lokacin da aka fara ciniki da katin, ba ya komawa baya. A ce yau yana kan 212, to wannan cinikin shi ne na 213. Na biyu mabuɗin sirri ne da bankinka ya dasa a cikin cif tun ranar da aka buga katin. Wannan mabuɗi ba ya fita daga katin ko kaɗan, babu wani umarni da na'ura za ta aika a ce ya karanto mata shi.

Sai cif ɗin ya haɗa kuɗin, da nau'insa, da ranar, da lambar ba-zata, da ma'ƙidayi, da wasu 'yan bayanai, ya murɗa su da lissafi ta amfani da mabuɗin, ya fitar da wata lamba mai alamomi goma sha shida. A takardun banki da wasu rasit za ka ga an rubuta mata `ARQC`. Ni ina kiranta hatimi, domin aikin da take yi ke nan. Amma hatimi ne na takarda ɗaya tak. Canza kwabo ɗaya a cikin kuɗin, hatimin ya zama wani daban gaba ɗaya. Idan wani ya naɗe duk abin da katin ya faɗa yau ya je ya maimaita shi gobe a wata na'ura, lambar ba-zata ta canza, ma'ƙidayi kuma banki ya riga ya ga 213, don haka hatimin ba zai karɓu ba.

Kwatanta da tsohon baƙin layin maganaɗisu da ke bayan kati: shi kullum abu ɗaya yake faɗa, duk wanda ya kwafe shi ya sami katin. Amma kada a wuce gona da iri wajen yabo. Doguwar lambar gaban katin da ranar ƙarewarsa a buɗe suke tafiya tsakanin kati da na'ura, ba a ɓoye su ba. Abin da ba ya tafiya shi ne mabuɗin, da lambar sirrinka, da lambobi ukun da aka buga a bayan katin. Wato mai leƙen asiri zai iya sanin lambar kati, amma ba zai iya ƙera katin da zai riƙa buga hatimi ba.

Tare da hatimin, katin yana faɗin ra'ayinsa a kan cinikin, ɗaya daga cikin uku: na amince nan take, na ƙi, ko a tambayo banki. Katunan cire kuɗi na Najeriya kusan kullum na ukun suke zaɓa. Tsarin Visa da na Mastercard sun ɗan bambanta a yawan kai-komon da ake yi kafin hatimin ya fito, amma ƙarshensu ɗaya. Na'ura ta karɓa, ta yi ƙara, ta kashe maganaɗisun. Daga nan katinka ya gama nasa, ko ka sa shi aljihu ko ka bar shi a kan na'urar duk ɗaya ne. Masu tsoron a cire musu sau biyu don katin ya daɗe a kai su kwantar da hankali: sai an sake danna kuɗi kafin na'ura ta sake sauraron wani kati.

A nan ne mutum zai gane dalilin da ya sa ƙofofin jirgin ƙasa na birnin Landan, da suka fara karɓar katin banki a 2014, suke buɗewa kusan nan take, mu kuwa muna tsaye muna jira. Ƙofar ba ta jiran banki. Tana tabbatar da cewa katin na gaske ne ta wani sa hannu daban da na'ura ke iya tantancewa da kanta, ta duba ba ya cikin jerin waɗanda aka hana, ta buɗe, lissafin kuɗi ya biyo baya. An ɗauki kasadar kuɗin tafiya ɗaya don kada layi ya taru. Mai kantin magani ba zai ɗauki wannan kasadar ba.

Na huɗu: a nemi lambar sirri ko a ƙyale

Babban Bankin Najeriya, a ƙa'idojin da ya fitar a watan Yunin 2023, ya sa iyakar biya ta ɗora kati ba tare da tantancewa ba a kan naira 15,000 a ciniki ɗaya, da naira 50,000 jimilla a rana. Namu 4,500 ne, don haka zai iya wucewa haka nan. Da 22,000 ne, sai na'ura ta nemi lambar sirri, wasu kuma su ce ka zura katin. Za ka kuma haɗu da na'urorin da ke neman lambar ko da kuɗin bai kai ba, domin haka masu su suka saita su.

Idan ka danna lambar bayan ka ɗora kati, ba katin ne ke duba ta ba, ai ya riga ya koma aljihu. Na'ura ce ke kulle ta da mabuɗinta tun a wurin dannawa, ta tura ta a kulle tare da saƙon, banki ya duba. Kashiya ba ta ganinta a ko'ina, sai fa in ta kalli yatsunka.

Na biyar: tafiya zuwa banki

Yanzu allo ya nuna PROCESSING ko wani abu mai kama da haka. Na'ura ta ɗaure komai cikin saƙo ɗaya mai tsarin da bankunan duniya suka amince da shi, ISO 8583, inda kowane bayani yake da gurbinsa mai lamba. Lambar kati a gurbi na 2, kuɗi a na 4, lambar na'urar a na 41, hatimi da duk abin da aka haɗa shi da shi a na 55. Akwai kuma gurbi na 37, wanda ke ɗauke da lambar shaidar cinikin mai alamomi goma sha biyu, wadda za ka gani a rasit da sunan RRN. Riƙe wannan sunan, za mu dawo kansa.

Saƙon ƙarami ne ƙwarai, bai kai girman hoto ɗaya na waya ba, ko kusa. Saboda haka ba saurin sabis yake buƙata ba, ɗorewarsa yake buƙata. Yana fita ta layin waya da ke cikin na'urar ko ta intanet ɗin kantin, ya isa kwamfutocin kamfani ko bankin da ya ba mai kanti na'urar. A Najeriya doka ta ce cinikin POS ya bi ta wata mahaɗa mai lasisin Babban Banki. NIBSS ce ta daɗe tana wannan aikin ita kaɗai, sai a 2024 aka ƙara Unified Payments ta zama ta biyu. Daga nan ana duba lambobin farko na katin, shida ko takwas, waɗanda ke nuna bankin da ya bayar da shi, sai a miƙa saƙon ta hanyar da za ta kai shi can. Kamar tashar mota ce: kowace mahaɗa ta karanta adireshi ta ɗora a motar da ta dace. Saƙo kan sauka a zango uku, huɗu ko fiye kafin ya isa, kuma amsa ma ta waɗannan zangunan za ta dawo.

Na shida: banki ya yanke hukunci

Abin da bankinka ke fara yi shi ne duba hatimi. Yana da wata keɓantacciyar na'ura a kulle wadda ke riƙe da babban mabuɗi, kuma daga wannan babban mabuɗin da lambar katinka take sake fitar da ainihin mabuɗin da ke cikin cif ɗinka. Sai ta ɗauki kuɗin, da ranar, da lambar ba-zata, da ma'ƙidayi 213 da suka zo a saƙon, ta maimaita lissafin da katin ya yi. Idan abin da ta samu ya yi daidai da hatimin da aka aiko, abu biyu sun tabbata a lokaci guda: katin gaske ne ya yi magana, kuma ba wanda ya taɓa kuɗin a hanya.

Sauran dubawar ta yau da kullum ce. Katin bai ƙare ba? Ba a toshe shi ba? An buɗe masa biya ta ɗorawa? Lambar sirri, in an aiko, daidai ce? Kuɗin yau bai haura iyaka ba? Akwai 4,500 a asusu? Cinikin bai yi kama da na ɓarawo ba? Duk wannan kwamfuta ke yi, ba mutum ba, kuma idan komai na tafiya daidai ba ya cin daƙiƙa guda. Sai banki ya cire kuɗin, ya rubuta amsarsa da alamomi biyu a gurbi na 39, ya mayar.

`00` ita ce amincewa, ita ce na'ura ke juyawa ta nuna maka APPROVED. `51` kuɗi bai isa ba. `55` lambar sirri ba daidai ba. `54` kati ya ƙare. `57` ba a yarje wa wannan katin irin wannan cinikin ba, wanda sau da yawa ke nufin ba a kunna biya ta ɗorawa ba. `05` kuwa ƙi ne ba tare da faɗin dalili ba, sai ka tuntuɓi banki. In ka cire `00`, duk waɗannan amsoshin ƙi ne daga bankinka: saƙo ya je, an duba, an ƙi, ba a cire komai ba. Maimaita ɗora kati a kan `51` ɓata lokacin layi ne kawai.

APPROVED ɗin ma alƙawari ne daga bankinka cewa kuɗin na mai kanti ne. Ainihin musayar kuɗi tsakanin bankunan biyu daga baya ake yin ta a dunƙule, ko da kamfanin na'urar ya riga ya zuba wa mai kanti nasa nan take daga aljihunsa.

Inda abin ke tsinkewa

Lambar da ta fi kowace jawo rigima a gaban kanta ita ce `91`, wadda allo kan rubuta ISSUER OR SWITCH INOPERATIVE, da 'yar'uwarta, wato na'ura ta yi ta juyawa har ta gaji ta ce lokaci ya ƙure. Waɗannan ba hukuncin banki ba ne. Ma'anarsu wani a tsakiyar hanya ya jira amsa bai samu ba. Kuma daga inda kake tsaye ba za ka iya sanin ko saƙon ne bai isa ba, ko amsar ce ba ta dawo ba.

Mu koma kantin magani. A ce saƙo ya isa banki lafiya, hatimi ya yi daidai, an cire 4,500, an turo `00`. A hanyar dawowa sabis ɗin na'urar ya yanke. Wayarka ta yi ƙara, alat ya shigo, domin shi alat ta wata hanya daban banki ke turo shi, ba ruwansa da na'urar kantin. Na'ura kuma ta fitar da DECLINED. Ka nuna wa kashiya wayarka ka ce, "Hajiya, ga shi an cire." Ta ce, "Wallahi Malam, ni ban gani ba." Ku biyun babu mai ƙarya. Kuma kada ka ga laifinta idan ta hana kaya, domin tsarin da kansa yana shirin karɓe kuɗin daga hannun kantin: na'ura ko mahaɗar da ba ta sami amsa ba tana tura saƙon warwarewa, mai lamba `0420`, wanda ke ce wa banki cinikin nan mai RRN kaza bai kammala ba, a mayar wa mai kati kuɗinsa. Idan wannan saƙon ya isa, za ka ga kuɗin sun dawo, wani lokaci kafin ka bar kantin. Idan shi ma ya maƙale a hanya, sai lokacin da bankuna suka daidaita lissafinsu, ko kuma kai ka kai ƙorafi.

Don haka ga yadda za ka yi a tsaye a wurin. Ka fara tambayar kanka: na'ura ta yi ƙarar karanta kati kuwa? Idan ba ta yi ba, ko ta ce a sake ɗorawa, ko a kawo kati ɗaya, matsalar ta kashi na farko ce, babu saƙon da ya fita, sake ɗorawa ba fargaba. Idan ta yi ƙara ta shiga juyawa sannan ta ƙi, karanta lamba ko rubutun da ya fito. In amsar banki ce bayyananniya, ka san abin gyarawa. In `91` ce ko ƙurewar lokaci, kada ka yi saurin sake ɗorawa. Duba asusunka tukuna. Sake ɗorawa sabon ciniki ne, da sabon hatimi, ma'ƙidayi 214, kuma banki ba zai ɗauke shi a matsayin gyaran na farko ba, zai sake cire wasu 4,500.

Ka nemi kashiya ta buɗe tarihin ciniki a na'urar ta duba na ƙarshe, domin wani lokaci ya wuce, rasit ne kawai bai fito ba saboda takarda ta ƙare. Idan a can ma an nuna bai wuce ba, karɓi rasit ɗin da ya ce DECLINED, kada ka bari a jefa shi kwandon shara. In babu takarda, ɗauki hoton allon. Abin da kake so a ciki shi ne RRN, da lambar na'ura mai alamomi takwas da ake rubutawa TID ko TERMINAL ID, da rana da lokaci, da adadin kuɗi. Ƙorafin kuma bankinka za ka kai wa, wanda ya ba ka katin, ba mai kanti ba, domin shi ne ke da hanyar shigar da da'awa a kan bankin kantin. Umarnin da Babban Banki ya bayar a 2020 ya ce a warware rigimar cinikin POS da ya gaza cikin awa 72. Idan ka je da "jiya da yamma an cire mini kuɗi a wani kemis", ma'aikacin sai ya yi ta lalube. Idan ka miƙa masa RRN da TID, layi ɗaya zai nema a kwamfuta, ya ga `00` da bankinsu ya tura, ya kuma ga ko `0420` ta biyo baya ko ba ta zo ba.